Jawabi Ga Ƙungiyar Matasa: Da Sanyin Safiya Ake Kama Fara

Ku zo mu yi lissafi irin namu na 'yan kasuwa.

Samari biyu ne sa'annin juna. Na farko ya fara ajiye Naira 5,000 duk wata tun yana shekara 20. Na biyu sai da ya kai 35 ya fara, amma da Naira 15,000. Ranar da suka cika 40, na farko ya tara 1,200,000, na biyu 900,000.

To, a ce duk ƙarshen shekara suna zuba abin da suka tara a goro ko hatsi, ana samun ribar Naira 10 a kan kowace 100, ba a taɓa ta. Na farko zai haura miliyan 3 da dubu 400, na biyu bai cika miliyan 1 da dubu 100 ba. Dalili kuwa, ribar bara ita ma jari ce a bana.

Amma fa ku kula: adashi tarawa yake yi, ba ya haihuwa. In kun kwasa, ku sa a kaya, don kuɗin da ke kwance tsadar kaya ke cinye shi. Allah Ya sa albarka. Wassalam.