Jawabi Kan Janar Abarej Da Inshorar Kaya A Teku

An umarce ni in yi wa yaranmu masu fara odar kaya ta ruwa bayanin wata ƙa'ida da masu jirgi ke kira janar abarej, wato raba asara tsakanin duk mai dukiya a jirgi.

Ga yadda take. Idan jirgi ya shiga hatsari a teku, aka sadaukar da wani abu da gangan don a tsirar da sauran, ko aka kashe kuɗi na musamman kamar ɗauko jiragen da za su ja shi zuwa tasha mafi kusa, to wannan asara ta kowa ce. Mai jirgi zai biya kasonsa, kai ma mai kaya za ka biya naka, ko da kwalinka bai ko jiƙe ba. Ƙa'idojin York-Antwerp ake bi, kuma galibi suna ambace cikin ƙananan rubutun bayan takardar lodi, wanda ba mai karantawa a cikinmu. Kada ku ɗauka zaluncin Turawa ne. Malaman Malikiyya sun daɗe da yin maganar raba asarar kayan da aka zubar a ruwa don ceton jirgi. Kuma yana faruwa har yanzu: da jirgin Ever Given ya maƙale a mashigin Suwez a watan Maris na 2021, masu shi sun ayyana janar abarej.

Bari mu yi misali. Ka yi odar takalma daga Caina na naira miliyan 20. Gobara ta tashi a jirgi, aka kashe ta da ruwa, aka ja shi zuwa wata tasha. Ɓarnar da ruwan kashe wutar ya yi wa kayan mutane, da kuɗin ja da na tasha, a ce sun kama biliyan 5. Darajar jirgi da kayan da za a raba wa asarar kuma biliyan 50. Kenan kowa zai ba da kashi 10 cikin 100. Kai naka miliyan 2. Wanda ruwan ya ɓata wa kaya za a biya shi daga wannan kuɗi, bayan an cire nasa kason. Amma wanda wutar kanta ta cinye wa kaya, ba ya cikin waɗanda za a biya, domin ba da gangan aka sadaukar da nasa ba. Shi kam inshorarsa ce gatansa.

To inda gizo ke saƙa shi ne ranar da kwantena ta sauka Apapa ko Tin Kan. Mai jirgi yana da haƙƙin riƙe kayanka. Za a aiko maka da takardar alkawarin biyan kasonka ka sa hannu, ka haɗa da rasidin sayen kayan. Idan kana da inshora, kamfanin ne zai ba da tasa takardar lamuni, a sakar maka kaya ba ka fitar da ko kwabo ba. Idan babu, sai ka ajiye kuɗi tsaba gwargwadon abin da ƙwararren mai raba asarar ya ƙiyasta. Lissafin ƙarshe yakan ɗauki shekaru kafin a mayar maka da rara, in akwai. Kowace rana da ka yi kana neman bashin wannan kuɗi kuwa, kuɗin ajiya na tasha yana hawa kanka.

Sharuɗɗan inshorar kaya iri uku ne, A da B da C, kuma dukkansu suna biyan janar abarej. Sai dai C, mai arha, manyan hatsarori take ɗauka, irin gobara da nutsewa da karo. Sata da jiƙewar ruwan sama ba ruwanta. Mai takalma ko atamfa, a ganina ya ƙara kuɗi ya ɗauki A. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshora ba, ya tambayi kamfanonin takaful.

Abin da nake roƙonku, kada ku rage darajar kaya don kuɗin inshora ya yi sauƙi, ko ku karɓi kowace takarda don dai banki ya buɗe muku Fom M. Al'adar kasuwa ita ce kuɗin kaya da na dako, a ɗora kashi 10 cikin 100. Idan takalman nan na miliyan 20 ka rubuta su miliyan 10, to a cikin miliyan 2 ɗin nan kamfani rabi zai biya, rabi daga aljihunka.

Ku kuma masu haɗa kaya da mutane a kwantena guda, ku fi kowa lura. Takardar lodin mai jirgi da sunan ejan take, kuma sau da yawa ba a sakin kwantenar sai an kammala lamunin duk kayan da ke ciki, don haka mutum ɗaya marar inshora yakan tsayar da mutum goma. Kafin ka biya ejan, ka ce ya nuna maka takardar inshorar, ka duba sunan wa ke jiki, nawa aka rubuta, kuma wane harafi ne, A ko C.

Mai tambaya, Bismillah.