Inuwa, Hazo da Gawo: Yadda Ake Gane Hoton da Bai Dace da Wurinsa Ba





Zancen da zan yi yau a kan tambaya ɗaya yake. An turo maka hoto a waya, an rubuta a ƙasansa cewa a gari kaza aka ɗauka, ran kaza. Ba allon suna a ciki, ba lambar mota, ba wani gini da ka sani. Abin da kake da shi rana ce da sararin sama da itatuwa. Ko waɗannan ukun za su iya gaya maka rubutun gaskiya ne? Suna da ƙarfi sosai wajen ƙaryatawa, amma wajen gaskatawa ƙarfinsu kaɗan ne. Mai tantance hoto da bai riƙe wannan bambancin ba zai riƙa yanke hukuncin da ya fi hujjarsa girma.

Bari in ƙaga misali mu bi shi tare. Hoton masallata ne a sahu, a fili, gefen wata gona. An ce a wani ƙauye ne kusa da Kano, a tsakiyar watan Janairu, lokacin sallar Juma'a, wajen ƙarfe 2:00. Inuwar kowane mutum gajeriya ce, ba ta kai rabin tsawonsa ba, ta faɗi gabansa ta wajen dama. Sama shuɗiya ce da curin gajimare fari fat. Bayan sahu akwai kuka cike da ganye, kusa da ita ga wata itaciya mai ƙaya, tsirara.

Da inuwa zan fara, domin ita ce lissafinta ba ya canzawa daga bana zuwa baɗi. Kano tana digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Ita kuwa rana, a tsawon shekara tana kai-da-komo tsakanin digiri 23.4 kudu da wannan layi, wajen 21 ga Disamba, da digiri 23.4 arewa da shi, wajen 21 ga Yuni. Saboda haka sau biyu a shekara take tsayawa daidai tsakar kan mutumin Kano, wajen 22 ga Afrilu da kuma wajen 21 ga Agusta. A cikin watanni huɗun da ke tsakani, rana tana arewa da mu, inuwar tsakar rana tana faɗawa kudu. A sauran watanni takwas tana kudu da mu, inuwa tana faɗawa arewa. Malamanmu na zaure sun daɗe da sanin haka, tun da a babin lokutan salla ana koyar da cewa inuwar zawali tana ƙaruwa tana raguwa gwargwadon watanni, kuma sai an lissafa da ita ake gane shigar La'asar.

A tsakiyar Janairu, mafi tsayin da rana ke kaiwa a Kano shi ne kimanin digiri 57, kuma tana kaiwa nan ne wajen 12:35 na agogo, saboda Kano tana yamma da layin da aka ɗora agogon Nijeriya a kansa. A wannan lokacin inuwar mutum kusan kashi biyu cikin uku ne na tsawonsa. Mai tsayin santimita 170, inuwarsa za ta kai kimanin 110, kuma duk wunin ba za ta taɓa gajarta fiye da haka ba. Zuwa ƙarfe 2:00 ta miƙe zuwa kusan 140. Ashe inuwar da ba ta kai rabin mutum ba ba ta da gurbi a Janairun Kano, ko da wace sa'a aka ɗauki hoton.

Sanin inda inuwa ta nufa ya fi wuya, domin sai ka san ina ne arewa a cikin hoton. Nan sahu ya yi mana amfani. Alƙiblar Kano tana wajen digiri 68 daga arewa, wato gabas ce da ta ɗan karkata arewa. A Janairu da ƙarfe 2:00 rana tana kudu maso yamma, don haka wanda ya fuskanci alƙibla zai ga inuwarsa a gabansa ta wajen hagu. A tsakiyar Yuli a wannan sa'ar rana tana arewa maso yamma, inuwa ta koma gaba ta wajen dama, tsawonta kuma ɗan ƙasa da rabin mutum. Wannan na biyun shi ne hotonmu. Ba sai kun yi lissafin da hannu ba: a shafin SunCalc, idan kuka zaɓi wurin a taswira kuka sa kwanan wata da sa'a, zai ba ku tsayin rana da inda ta nufa da tsawon inuwa.

Kurakurai biyu ne ke yawan kayar da mutane a nan. Ana iya juya hoto, dama ta koma hagu, ko da gangan ko saboda kyamarar gaban waya. Kafin ka dogara da dama ko hagu, nemi rubutu a rigar wani, ko ka duba masu ƙabalu ka ga wane hannu ne a sama. Juyawar ba ta taɓa tsawon inuwa, shi ya sa na fi amincewa da tsawo. Shi ma tsawon yana da sharaɗi. Inuwar da ta miƙo wajen mai ɗaukar hoto, ko ta miƙa nesa da shi, takan bayyana gajeriya fiye da yadda take. Wadda ta kwanta a gicciye, a ƙasa mai baje, daga abin da ke tsaye ƙyam kamar falwaya, ita ake aunawa. Inuwa a kan gangare ko a jikin bango, a bar ta.

Sai sararin sama. Janairu tsakiyar hunturu ne. Iskar arewa maso gabas tana ɗauko ƙura daga Sahara, mafi yawanta daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, ta sa sama ta yi fari-fari, abin da ke nesa ya dusashe, gefen inuwa ya yi laushi. To amma kada wani ya ce tun da bai ga hazo ba, hoton ba na hunturu ba ne. Hazo zuwa yake yana ɗagawa, akwai ranakun da gari ke washewa tas, kuma wayoyin yanzu suna ƙara wa sama shuɗi da kansu. Gajimaren shi ne abin dubawa. Curin gajimare mai faffaɗan gindi da kai kamar tulin auduga yana buƙatar laima a cikin iska, iskar hunturu kuwa ita ce mai fasa leɓe da dugadugai. Irin wannan gajimare na damina ne ko gab da ita. Hujja ce mai kyau, sai dai ba ta kai ta inuwa ba, domin yanayi yakan saɓa wa al'adarsa jefi-jefi, tafiyar rana kuwa ba ta saɓawa. Idan maganar ta yi nauyi, filayen jiragen sama suna ajiye rahoton yanayi na sa'a-sa'a, har da nisan da ido ke iya gani, ana iya neman na ranar da aka ambata.

Itatuwa su ne inda ɗan ƙauye ya fi ɗan birni, ya kuma fi baƙon mai bincike da ke zaune a Turai. Kuka tana zubar da ganye da rani, ta sake tohowa idan damina ta gabato. Gawo kuwa akasin haka yake yi: da damina yake tsirara, da rani yake yin ganye shar, abin da ya sa manoma ke barinsa a tsakiyar gona tun da ba ya tare wa gero rana. Idan itaciyar nan mai ƙaya gawo ce, to ga kuka da ganye ga gawo babu, kuma su biyun sun haɗu a kan damina. Na fi son su biyu tare, saboda kowanne shi kaɗai yana iya ruɗarwa. Gawon da makiyaya suka sassare wa dabbobi yakan rikita lokacin tohonsa, kukar da ke kusa da ruwa kuma takan riƙe ganye ta wuce 'yan'uwanta.

Akwai koren da bai kamata ya ruɗe ku ba. Darbejiya, wadda wasu ke kira bedi ko maina, kusan duk shekara da ganyenta take, ba ta faɗar wata. Kuma wanda ya je Kadawa ko Kura a watan Fabrairu zai ga filaye kore shar na alkama da tumatir, da ruwan madatsar Tiga. A irin wannan hoton, ku dubi gefen hanya da tudun da ruwa ba ya kaiwa. Idan gona kore ce amma ciyawar gefe ta bushe ƙamas, noman rani ne.

Yanzu me za mu rubuta a kan hotonmu? Za mu iya cewa da ƙarfin zuciya bai dace da Kano a watan Janairu ba. Ba za mu ce ba a Kano aka ɗauka ba, domin yana iya zama tsohon hoto ne na daminar wata shekara. Ba za mu kuma ce a Kano ne ba. Injamena da Wagadugu da Bamako duk suna tsakanin digiri 12 da 13, tsawon inuwarsu kusan ɗaya ne da namu, daminarsu lokacin tamu, kuka da gawo duk suna can. Rana da itatuwa suna nuna maka wani dogon zirin ƙasa ne da wani yanki na shekara. Sunan gari sai an samo shi daga wani abu dabam, kamar siffar dutse ko kwanar hanya ko ginin da za a iya gani a hoton tauraron ɗan Adam.

Haka aka yi a shekarar 2018, lokacin da wani bidiyo ya bazu yana nuna sojoji sun harbe mata biyu da ƙananan yara biyu. Gwamnatin Kamaru da farko ta ce labarin ƙarya ne, wasu kuma suka ce a Mali abin ya faru. Sashen bincike na BBC Africa Eye da masu taya shi sun gano wurin ne ta siffar tsaunin da ke bayan mutanen, kusa da Zelevet a Arewa Mai Nisa ta Kamaru, suka daidaita itatuwa da gine-gine da hotunan sama. Bayan wuri ya tabbata sannan suka koma kan inuwar sojojin, suka taƙaita lokacin zuwa tsakanin 20 ga Maris da 5 ga Afrilu, 2015. A 2020 kotun soja ta ɗaure huɗu daga cikin sojojin shekara goma-goma. Ku lura da jerin aikin: tsauni ne ya ba da wuri, inuwa ta ba da lokaci.

Roƙona ga editoci da ke wannan zaure shi ne, idan ma'aikacinku ya kawo rahoton tantance hoto, ku sa ya rubuta abin da ya auna, da wace inuwa, da wane kwanan wata ya gwada. Idan iyakar abin da ya samu shi ne yanayi da itatuwa sun dace, to ya rubuta “ya dace”, kada ya rubuta “an tabbatar”. Ku kuma ɗalibai, gobe da tsakar rana ku kafa sanda mai tsawon mita ɗaya a fili, ku auna inuwarta, ku rubuta inda ta nufa, ku maimaita a farkon kowane wata.