Wasiƙar Tayin Manhajar Bayanan Ɗalibai ga Makaranta a N'Djamena: Iyakar Aiki, Wa'adi da Farashi

Wasiƙar tayi ita ce saƙon imel da mai haɗa manhaja yake aika wa shugaban makaranta kafin a ƙulla yarjejeniya, kuma wannan takarda ta ɗauki misalin makarantar sakandare mai zaman kanta a N'Djamena, mai ɗalibai 600, don nuna cewa yawancin saɓanin da ke biyo baya yana tasowa ne daga abin da wasiƙar ta yi shiru a kansa.

Iyakar aiki tana nufin abin da za a yi da abin da ba za a yi ba. Makarantun Chadi suna ba da maki bisa 20, kowane darasi da nauyinsa, wato lambar da ake ninka makin da ita kafin a fitar da matsakaici, don haka wajibi ne wasiƙar ta faɗi wanda zai kawo jadawalin nauyin. Haka kuma, tun da Faransanci da Larabci ne harsunan hukuma, sai a fayyace ko takardar sakamako za ta fito da duka biyun, domin Larabci daga dama ake rubuta shi, kuma tsara shafinsa aiki ne na daban. Abin da ya fi cin lokaci shi ne kwashe tsofaffin rajistoci, inda yaro ɗaya yake fitowa Mahamat a wannan littafi, Mohamed a wancan, wani kuma ba shi da takardar haihuwa sai shekarar da aka kintata. Idan wasiƙar ba ta ɗora tantance sunaye a kan makaranta ba, alamar matsala takan bayyana ne lokacin da jimillar ɗalibai a manhaja ta zarce ta rajista. Saboda yawan ɗaukewar wuta da tsadar intanet, ya dace a ambata ko manhajar tana aiki ba tare da intanet ba.

Wa'adi kuwa gara a ƙirga shi daga ranar da makaranta ta miƙa rajistoci. Magatakarda mai shigar da ɗalibai 40 a rana zai buƙaci kwanakin aiki 15, waɗanda suka fi dacewa da dogon hutu, kafin komawa aji a watan Oktoba, sannan sakamakon zangon farko ya zama gwajin karɓar aiki.

Farashi sai a rubuta shi da lambobi a kuɗin sefa, domin a kasuwa da riyal ake ƙirga, wanda yake sefa biyar kamar dalar Hausawa, kuma kuskure a nan ninki biyar ne. Idan aikin sefa 2,000,000 ne, kuma aka ƙirga harajin TVA a kan kashi 18 cikin ɗari, zai ƙara 360,000, jimilla 2,360,000. Kuɗin kula da manhaja na shekara da na horar da malamai kowanne yana buƙatar layinsa, kuma kason ƙarshe na biya ya fi kyau a ɗaure shi da fitowar sakamakon zangon farko.