Idan Kwastoma Ya Fusata: Ka Lallashe Shi, Amma Kar Ka Yi Saurin Cewa "Laifinmu Ne"

Yau magana ce da ku masu sayar da waya da kayan wuta a nan Sakkwato, musamman masu amsa kwastomomi ta WhatsApp.

Mu ɗauka kana da shago a Titin Ahmadu Bello, ka sayar wa wani bawan Allah da waya ta naira dubu 150. Bayan kwana 5 sai ga saƙon murya, yana faɗa: wayar ta ƙi caji, kun cuce shi, zai kai ku ƙara. Nan take zuciya za ta ce ka rama, ko kuma don ya huce ka rubuta masa "laifinmu ne, za mu biya." Duka biyun akwai matsala.

Ka sani, saƙon WhatsApp yana iya zama shaida a kotu, domin sashe na 84 na dokar shaida ta Najeriya ta 2011 ya yarda da shaidar na'ura idan an cika sharuɗɗansa. Kai kuwa a lokacin ba ka ga wayar ba. Wataƙila daga kamfani ta zo da matsalar, wataƙila ruwa ta faɗa, ko wata caja ce ta ƙona ta.

To me za ka ce? Ni ga yadda nake ba da shawara a rubuta: "Alhaji, ka yi haƙuri da wannan ɓacin rai, na fahimci damuwarka. Don Allah ka kawo wayar da caja da rasit gobe da safe, mu duba a gabanka. In sha Allah kafin la'asar za ka ji matsayarmu."

Kun lura? Haƙurin a kan ɓacin ransa aka bayar, kuma an faɗa masa lokacin da zai samu amsa. Ba a ce ya yi ƙarya ba, ba a kuma yanke hukunci kan abin da ya lalata wayar ba.

Idan ya zo, fara da lambar IMEI. Danna *#06# ko ka duba ta a kwali, ka gwada da ta rasit, don ka tabbatar wayarka ce. Sannan mai gyara ya duba ko akwai alamar ruwa ko an taɓa buɗe ta. A ɗauki hoto, a rubuta abin da aka gani.

In bincike ya nuna da matsalarta ka sayar da ita, to fa babu sauran kwana-kwana. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta ba shi damar mayar da kaya mai aibi, yana kuma iya kai koke hukumar FCCPC. Sai ka amsa laifi a fili, ka canja masa ko ka mayar masa da kuɗinsa.

Mu haɗu a shiri na gaba. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka.