Kafin Ka Haska Silaid: "A Ina Ka Samo Wannan?"

Yau mazaɓar Gwangwan za mu leƙa, a ƙaramar hukumar Rogo.

A ce ku matasa ne, kun samu damar zama da ɗan majalisar Karaye da Rogo kan matsalar makaranta. Kun haɗa silaid goma masu kyau. Kana cikin bayani sai wani ya ɗaga hannu ya ce, "Wannan adadin a ina ka samo shi?" Idan ka yi shiru, to fa har gaskiyar da ke sauran silaid ɗin ta tashi a banza.

Ga abin da nake yi kafin ranar. Na kan ja layi uku a takarda: lambar silaid, abin da muka yi iƙirari, da takardar da za ta tabbatar da shi. Duk jimlar da ke da adadi, ko kalma irin "yawancin" da "babu ko ɗaya", sai ta shiga jerin.

Mu ɗauki guda: silaid na uku ya ce rabin yaran Gwangwan ba sa zuwa makaranta. Wannan magana hujja biyu take buƙata. Ta farko, yara nawa ne ke makaranta? Wannan yana cikin rajistar makarantu da ƙidayar makarantu ta shekara-shekara, sai a nema a ofishin ilimi na ƙaramar hukuma ko SUBEB. Ta biyu, yara nawa ne gaba ɗaya a mazaɓar? A nan gizo ke saƙar, domin rabon Najeriya da ƙidayar jama'a tun 2006. Rajistar INEC ba za ta fishe ka ba, 'yan shekara 18 zuwa sama kawai ta ƙunsa. Binciken MICS na 2021 kuwa, wanda NBS ta yi da tallafin UNICEF, alƙaluman jiha yake bayarwa. Kada ka ɗauki na Kano ka liƙa wa Gwangwan.

To mene ne mafita? A layi na uku ka rubuta: "rajistar makarantu, da ƙirgen gida-gida". Ku zaɓi unguwa ɗaya, ku sanar da mai unguwa, ku ƙirga, ku rubuta ranar. Sannan silaid ya faɗi iya abin da kuka ƙirga, da sunan unguwar.

Wani tarkon shi ne "an fitar da kuɗin gyara, an cinye". Ganin aiki a kasafin kuɗi yana nuna an ware ne kawai. Kafin ka ce an fitar, sai da takardar bayar da kwangila da shaidar biya. Idan babu su, mayar da zargin tambaya: "An ware, shin an saki?"

Iƙirarin da layinsa na uku ya zauna fayau har daren taro, cire shi. Ku turo mana naku jerin, mu duba tare a shiri na gaba. Sai an jima.