Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu Game Da Macutan Waya

Daga cikin cutar da ake yi wa talakawa ta wayar hannu, wadda ta fi kamata Hakimai su faɗakar da dagatai da masu unguwanni a kanta ita ce ta mutumin da ke kira ya ce shi ma'aikacin banki ne.

A ce wani manomi ya sayar da hatsinsa, ya zuba Naira 200,000 a banki. Ran nan sai wani ya kira shi, ya gaishe shi da cikakken sunansa, ya ce lambarsa ta BVN ta sami matsala, in ba a gyara yau ba za a rufe asusunsa. Sa'an nan ya ce ya karanto masa lambobin da ke gaban katinsa na cirar kuɗi, da wata da shekarar da katin zai daina aiki, da lambobi 3 na bayansa. Jim kaɗan saƙo ya shigo daga banki ɗauke da waɗansu lambobi, galibi guda 6, waɗanda ake kira OTP. Mai kira ya ce maza a karanto masa. Manomi na faɗa, kuɗi suka tafi.

Abin da ya faru shi ne, macucin ya riga ya shigar da lambobin katin don ya yi sayayya da kuɗin manomin, banki kuwa ya aiko da OTP domin ya tabbatar mai dukiya ya yarda. Watau saƙon na gaskiya ne, mai kiran ne ɓarawo. Lambar ba ta wuce 'yan mintoci take mutuwa, shi ya sa yake ta azalzala. Saboda haka duk wanda ya ga OTP ta shigo masa alhali bai sayi kome ba, ya sani a wannan lokacin wani na ƙoƙarin taɓa kuɗinsa.

Sanin suna shi ya fi ruɗin mutane, har da masu ilmi, amma ba hujja ba ne ko kaɗan. Duk wanda ya buga lambobi 10 na asusun mutum kamar zai aika masa kuɗi, sunansa zai fito masa. Ita kuwa BVN, tun da Babban Bankin Nijeriya ya kawo ta a 2014, banki na da ta kowane mai ajiyarsa. Banki ba ya kira ya tambayi OTP ko PIN.

In an sami irin wannan kira, sai mutum ya kashe waya, ya tafi banki da ƙafarsa. Wanda kuwa ya riga ya faɗi lambobinsa, kada kunya ta sa ya kwana da maganar. Ya sa banki ya toshe katin nan take, kana ya kai ƙara wurin 'yan sanda. Malamin Hakimi ya taimake shi ya rubuta lambar da ta kira, da rana da lokaci, da yawan kuɗin da aka ɗiba, kada kuma a goge saƙonnin, domin su ne shaida.