GIGITAR CIWO KO TAƁIN HANKALI: JERIN TAMBAYOYIN BAKIN GADO DON ƘANANAN LIKITOCI

Gabatarwa

Idan dare ya raba a ɗakin kwanciyar marasa lafiya, wani majinyaci ya tashi yana sambatu, yana fizge robar ƙarin ruwa, yana nuna bango yana cewa ga macizai nan, kalmar da ke fara fitowa daga bakin masu jinya ita ce "ya haukace". Bahaushe yana da kalmomi masu yawa a wannan fage, kamar hauka da taɓuwa da zautuwa da gigita da ɗimuwa da bugun iska, amma a lokacin firgita duk sai su dunƙule su koma kalma ɗaya. A wajen likita kuwa abubuwa biyu ne mabambanta. Na farko shi ne gigitar ciwo, wadda likitoci ke kira diliriyam, wato rikicewar ƙwaƙwalwa ta farat ɗaya saboda wata cuta da ke cin jiki. Na biyu shi ne taɓin hankali, wanda suke kira saikosis. Kama da wane ba ta wane.

Maƙasudin wannan lacca shi ne a shimfiɗa jerin tambayoyin da ƙaramin likita zai bi a bakin gado, a asibiti irin na ƙasar Dogon Daji cikin Ƙaramar Hukumar Tambuwal, inda ake karɓar majinyata daga ƙauyukan Tambuwal da Kebbe. Rarrabewar tana da nauyi, domin Asibitin Masu Taɓin Hankali na Gwamnatin Tarayya yana Kware, gaba da birnin Sakkwato. Wanda aka ɗora a mota zuwa can alhali sanƙarau ne ke cinsa, ko sukarin jininsa ne ya faɗi, yana iya cikawa a hanya.

Tushen jerin

A shekarar 1990 Sharon Inouye da abokan aikinta a Amurka suka wallafa wani ma'auni mai alamomi huɗu: farawar farat ɗaya tare da hawa da sauka, da rashin tattara hankali, da warwatsewar tunani, da sauyin farkawa. Idan an sami ta farko da ta biyu, sannan aka sami ko dai ta uku ko ta huɗu, to gigitar ciwo ce. A kan wannan aka gina jerin da ke tafe, sai dai an daidaita tambayoyinsa da harshe da rayuwar mutanen wannan yanki.

Tambaya ta farko: yaushe abin ya fara?

Wannan tambaya ta mai jinya ce, wato matar majinyacin ko ɗansa da ya kwana kusa da shi. Kada a ce "tun wane kwanan wata", a ɗaure tambayar da abin da mutane ke lissafi da shi: "Inna, ran Juma'ar da ta wuce ya je masallaci da ƙafarsa? Ran kasuwa ya yi ciniki da kansa?" Gigitar ciwo takan sauko cikin sa'o'i ko 'yan kwanaki. Taɓin hankali yakan rarrafo cikin makonni ko watanni, mutum ya fara ƙaurace wa jama'a, ya bar sana'a, ya shiga zargin 'yan'uwa.

Sai a bi da tambayar hawa da sauka: yana samun lokacin da yake dawowa hayyacinsa? Mai gigita yakan gaisa lafiya lau da hantsi, bayan magariba ya rikice. Saboda haka likitan da ya gan shi a zagayen safe kaɗai yana iya rantsewa lafiyarsa ƙalau. Rahoton nas ɗin da ta yi aikin dare ya fi ganin safiya nauyi a nan.

Tambaya ta biyu: yana iya riƙe hankalinsa?

Wannan ita ce ginshiƙin jerin duka. Littattafan likitanci sukan ce a sa majinyaci ya jero watannin shekara da baya, ko ya faɗi ranar haihuwarsa. Manomi mai shekara sittin wanda bai taɓa lissafi da watannin Bature ba zai faɗi wannan gwaji ko da lafiyarsa garau, sai a rubuta masa ciwon da ba shi da shi. Abin da ya dace shi ne a ce: "Baba, jero mini ranakun mako, ka fara daga Juma'a ka yi baya." Mai cikakken hankali zai ce Juma'a, Alhamis, Laraba, Talata, har ya kai Asabar. Mai gigita yakan faɗi biyu ya tsaya, ko ya juya ya ci gaba da Asabar, Lahadi, ko ya shiga wani zance dabam. Sai dai ranaku bakwai sun fi watanni goma sha biyu sauƙi, don haka wanda ya ci gwajin da safe a sake yi masa da dare.

Daga nan a tambaye shi inda yake, da sallar da aka yi ta ƙarshe, da sunan wanda ke zaune kusa da shi. Mai taɓin hankali, ko da yana cewa maƙwabta sun yi masa sammu, galibi ya san yana asibiti, ya san an yi azahar, kuma zai jero ranakun daidai in ya ga dama. Kafin a yanke hukunci a tabbata majinyacin yana ji, kuma an yi masa magana da harshen da ya saba. Bafulatanin ruga da Hausarsa ba ta nuna ba, ko tsoho mai nauyin kunne, ba gigitattu ba ne.

Tambaya ta uku: yaya farkawarsa da zancensa?

A duba ko yana gyangyaɗi ana cikin yi masa magana, ko kuwa ya zabura fiye da kima, ƙaramin motsi na firgita shi. Taɓin hankali ba ya dushe farkawa. A saurari zancen kuma. Na mai gigita a yayyage yake, abin da ya ce yanzu ya manta shi an jima, kuma abin da ke damunsa yawanci gane-gane ne, kamar ƙwari a jikin zane ko mutane a bakin taga. Mai taɓin hankali ya fi jin muryoyi, kuma zarginsa yana da tsari, yadda ya faɗe shi jiya haka zai faɗe shi gobe.

Akwai kuma gigita mai shiru, wadda ta fi kuɓuce wa ido. Tsohuwa ta kwanta ba ta damun kowa, ba ta cin abinci, ana cewa ta samu barci ko tana da kawaici. Ita ma a yi mata gwajin ranaku.

Tambaya ta huɗu: me jiki ke faɗa?

Ba a rubuta taɓin hankali sai an auna zafin jiki, da bugun zuciya, da numfashi, da iskar jini, da sukari. Sukarin da ya gaza milimol 3.9 a lita ya faɗi, kuma gwajinsa bai wuce minti ɗaya ba. Sannan a lanƙwasa wuya don neman sanƙarau, musamman a bazara kafin saukar damina, domin Arewa ba ta manta annobar 1996 ba, kuma ta 2017 ta yi ɓarna a Zamfara da Sakkwato. A yi gwajin zazzaɓin cizon sauro, a tuna da taifod wanda kan zo da sambatu, a duba farin ido don shawara, a taɓa mara ko fitsari ya taru, a tambayi ko an yi faɗuwa ko farfaɗiya.

A ƙarshe a nemi a ga duk abin da ya sha, na asibiti da na kemis da na gargajiya. Saurayin da aka kawo jikinsa da zafi a bushe, bakinsa ya bushe, ƙwayar idonsa ta buɗe, yana tsintar abin da babu, a tambayi abokansa ko ya sha zaƙami, wanda ba banza ba Hausawa suka sa masa suna haukata-yaro.

Misali

A ɗauka an kwantar da wani dattijo mai shekara 62 daga wani ƙauye na Kebbe saboda tari da zazzaɓi. A dare na biyu ya tashi yana zagin ɗansa, yana cewa an ɗaure shi a kasuwa. Dangi suka ce iska ce, a sallame shi su kai shi wajen ruƙiyya. Likita ya tambayi matarsa, ta ce: "Shekaranjiya lahiya lau shike, shina ta hira da ɗiyanshi." Alama ta farko ta samu. Aka ce ya jero ranaku, ya ce Juma'a, Alhamis, sai ya koma zancen shanu. Ta biyu da ta uku sun samu. Zafin jikinsa digiri 38.6, gumi na keto masa, sukari kuwa 2.1. Da aka zazzage jakar matar sai ga ƙwayoyin gilibenkilamid na ciwon sukari, waɗanda take ba shi kullum ko da yake kwana uku bai ci abin kirki ba.

Aka ɗaura masa ruwan gulukos mai ƙarfin kashi 10 cikin ɗari, mililita 200 a jijiya cikin kwata na awa, ya dawo ya gane ɗansa. Aikin bai ƙare a nan ba, domin wannan ƙwaya tana daɗewa a jiki, sukarin yana iya sake faɗuwa. Sai a dakatar da ita, a ci gaba da ƙarin ruwan, a riƙa auna sukari a kai a kai har kwana ɗaya zuwa biyu. Ciwon huhun ma yana iya riƙe gigitar, domin a jikin tsoho dalili yakan wuce ɗaya. Da a ce allurar barci aka yi masa, da an sami shiru a ɗakin, sukarin kuwa yana ci gaba da lalata ƙwaƙwalwa.

Iyakar jerin

Jerin ba ya cewa wane ba shi da taɓin hankali, domin wanda ya daɗe yana karɓar magani a Kware shi ma yana iya kamuwa da taifod ya gigice. Tsohon kati ba hujja ba ne na tsallake gwaji. Haka kuma ruɗewar tsufa, wadda ke tafe sannu cikin shekaru, gigita takan hau kanta. Ƙa'idar da ta fi aminci ita ce duk rikicewar da ta fara farat ɗaya, balle ga wanda ya haura arba'in kuma bai taɓa yi ba, a ɗauke ta ciwon jiki ce har sai bincike ya kore hakan.

Game da kwantar da majinyaci, a fara da haske a ɗaki, da fuskar da ya sani, da ruwan sha, a guji ɗaure shi. Dayazifam yakan ƙara gigita, sai fa ga mai farfaɗiya, ko wanda yanke shan giya ya rikita, ko wanda ya sha zaƙami. In majinyaci ya zama haɗari ga kansa, haloferidol kaɗan ya isa, kamar rabin miligiram ga tsoho, kuma ba ya maye gurbin neman dalili.

Kammalawa

Wanda ya ci gwajin ranaku safe da dare, farkawarsa daidai, jikinsa bai nuna kome ba, labarinsa kuma na watanni ne, shi ne za a rubuta wa takardar Kware cikin natsuwa. Wanda ya faɗi gwajin kuwa gadonsa yana nan ɗakin. Saura bayani ga dangi, kuma a nan zaɓen kalma aiki ne na likita. In aka ce musu "hauka", sunan zai bi mutumin gida, ya taɓa auren 'ya'yansa da shaidarsa a cikin jama'a. Abin da ya kamata su ji shi ne: "Zafin ciwo ne ya gigita Baba, in an magance ciwon ana sa ran hankalinsa zai dawo, ko da zai ɗauki kwanaki."